Tattali, maƙo da rowa: yadda aiki ɗaya ke samun suna uku

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sauran kaya kuma suka bi bayanta. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin 100. Gidaje da yawa sun rage hannu. Wanda ya saba sayen buhu ya koma kwano, wanda ya saba kai gudummawar biki da kauri ya koma kai abin da ya sawwaƙa, wani ma sai dai ya aika da gaisuwa.

A nan wata gardama ta kunno kai a tsakar gida da majalisun ƙofar gida. Me za a kira mutumin da ya rage kashe kuɗi? Shi yana cewa tattali yake yi. Abokansa suna cewa maƙo ya kama shi. Wani daga cikin dangi kuma ya ce ai rowa ce kawai, tsadar rayuwa ta ba ta mafaka. Dukansu mutum ɗaya suke kallo, aiki ɗaya suke bayyanawa, kuma babu wanda ya ƙara ko ya rage a kan abin da ya faru. Amma wanda ya ji bayanin farko zai girmama mutumin, wanda ya ji na uku zai ja baya da shi. Wannan tazarar ita ce abin da masu nazarin harshe ke bi a fannin ilimin ma'ana.

## Ma'anar asali da ma'anar rakiya

Kowace kalma tana nuna wani abu a duniya: mutum, ko aiki, ko hali. Wannan ita ce ma'anarta ta asali, wadda ƙamus ke fara kawowa. Amma kalma ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Tana zuwa da yabo ko zargi, da girmamawa ko raini, da tunanin irin mutanen da ake yawan faɗa wa ita da wuraren da ake faɗar ta. Wannan kayan da take tafe da shi za mu kira shi ma'anar rakiya a wannan sharhin.

Bahaushe yana aiki da bambancin kullum ko da bai sa masa suna ba. "Ya mutu" da "ya rasu" labari ɗaya suke bayarwa, amma ba a cewa akuya ta rasu, kuma mai ladabi ba ya shiga gidan makoki ya ce ya ji mahaifinsu ya mutu. "Tsoho" da "dattijo" na iya zama shekarunsu ɗaya. "Tana da ciki" da "tana da juna biyu" wata tara ne duka. Idan aka ce wa mutum "wannan kalmar ta yi nauyi, nemi wata", ba ana nufin ya yi ƙarya ba. Ana nufin abin da ya rako kalmar ya fi ƙarfin wurin.

Ma'anar rakiya tana da halaye biyu da ya kamata a riƙe. Na ɗaya, ba mallakar mutum guda ba ce. Ba zan iya kiran maƙwabcina marowaci sannan in ce yabo nake nufi ba, domin jama'a ne suka ɗora wa kalmar kayanta tun kafin a haife ni. Na biyu, tana motsi fiye da ma'anar asali. Takan sauya da wuri, da zamani, da kuma bakin da ta fito. Jika zai ce wa kakarsa marowaciya, ta yi dariya ta rama da cewa shi ne mijin da bai taɓa kawo cefane ba. Taubasai ma haka suke yi. Amma suruki ya faɗi kalmar nan a kan surukarsa, sai an tara manya.

## Abin da kowace kalma ta goyo

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Akwai tattali, tanadi da tsimi a ɓangaren da ake so. Akwai maƙo, ƙanƙamo, tsumulmula da ƙoro a tsakiya zuwa ƙasa. Akwai rowa a can ƙarshe, da sunayen mai ita: marowaci, matsolo, mai hannun jarirai. Ƙarfin kowace yakan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma jerin bai cika rikicewa ba. Ma'anar asalin da ta haɗa su ita ce riƙe abin hannu, a ƙi sakin sa yadda ake sa rai.

Hanya mafi sauƙi ta gano rakiyar kalma ita ce a duba da waɗanne kalmomi take zama. Tattali yana zama da abin da ake ƙauna. Ana tattalin lafiya, ana tattalin yara, mace tana tattalin mijinta, makiyayi yana tattalin dabbobinsa, a lokacin rani ana tattalin ruwa. A duk waɗannan ma'anar kulawa ce ta fi fitowa: a riƙe abu da kyau don kada ya lalace ko ya ƙare kafin lokacinsa. Shi ya sa idan aka ce wani yana tattalin kuɗi, kunne yana jin cewa akwai gobe a cikin lissafinsa. Ɗan'uwansa tanadi ya fi shi fito da wannan fili, domin ba a tanadi sai don wani abu mai zuwa: tanadin azumi, tanadin damina, tanadin auren 'ya.

Rowa kuwa da mutum take zama. "Ya yi mini rowa." "Ta yi wa baƙi rowa." Ginin jimlar kansa yana neman wanda aka hana. Kuma ba sai kuɗi ba, ana rowar ilimi, ana rowar labari, har abokin da ya daɗe bai leƙo ba akan ce yana yi wa mutane rowar ganinsa. A kowane hali akwai abu a hannun wani, akwai mai buƙata ko mai haƙƙi, kuma an ƙi bayarwa alhali bayarwar ba za ta karya mai shi ba. Abin lura ne cewa harshen ya ƙera wa mai wannan hali suna na kansa, marowaci, marowaciya, marowata, kamar yadda ya ƙera maƙaryaci da mazambaci. Shi kuwa na ɗaya ɓangaren sai dai a ce "mai tattali". Rowa ta zama tambarin da ake manna wa mutum gaba ɗayansa.

Maƙo shi ne mai wuyar kamawa, kuma shi ya fi jawo saɓani. Mai maƙo ba lallai ne ya danne haƙƙin kowa ba. Abin da ake gani a wurinsa shi ne kuɗi suna yi masa wuyar fita, ko da a kan buƙatar kansa. Shi ne zai taka daga wannan kasuwa zuwa waccan saboda ragin naira hamsin, ya taya kaya har mai kaya ya gaji da cewa albarka, ya sayi takalmin da ba zai kai wata biyu ba don ya fi araha, sannan idan aka ci abinci tare sai hannunsa ya daɗe a aljihu har wani ya biya. Hukuncin da ke tafe da wannan kalma raini ne mai gauraye da dariya. Ana jin haushin marowaci, amma mai maƙo tsokanarsa ake yi. Zargin da ake yi masa shi ne lissafinsa gajere ne, yana ganin farashi ba ya ganin amfani, ga kuma zubar da girma a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Kalmar araha ma tana da irin wannan fuska biyu. A kan tumatir a lokacin kaka labari ne mai daɗi. A kan atamfar da za a sa a lefe kuwa suka ce, kuma karin maganar nan "araha ba ta ado" a shirye take. Shi ya sa ɗan kasuwa mai wayo ba ya cika cewa kayansa masu araha ne. Sai ya ce akwai sauƙi, ko akwai rangwame, ko an yi rahusa. Farashin bai canza ba, amma ya kawar da tunanin rashin inganci daga kan hajarsa. Idan kuma aka ɗora kalmar a kan ɗan Adam, aka ce wane ya yi araha, to an bar zancen kuɗi an shiga na mutunci.

## Daga ina hukuncin ya fito

Rakiyar kalma tana taruwa ne daga abin da al'umma ta daɗe tana yabo da abin da ta daɗe tana kushewa. A ƙasar Hausa bayarwa tana cikin ma'aunin mutum. Lokacin da masanin nan ɗan Birtaniya, Anthony Kirk-Greene, ya yi nazarin abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, a 1974, karamci yana cikin halayen da ya lissafa tare da gaskiya, amana, haƙuri, kunya da sauransu. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya tashi a babban gida. Inda babu inshora kuma babu fansho ga mafi yawan mutane, dangi da maƙwabta su ne madogara. Gudummawar biki, kayan barka, kwanon abincin da ke tsallaka katanga, duk ajiya ce da ake sa ran za ta dawo ranar buƙata. Wanda ke karɓa ba ya mayarwa yana cin amanar wannan tsari, kuma kalmar rowa ita ce bulalar da aka tanadar masa. Maroƙa da mawaƙa sun ƙara mata kaifi: mai kyauta ya sha kirari, wanda ya hana ya sha zambo a bainar jama'a.

Addini ya ja layin a wuri mai kama da wannan, amma ya ja shi ta gefe biyu. Aya ta 29 a Suratul Isra'i ta hana mutum ya ƙuƙunce hannunsa a wuya, ta kuma hana ya shimfiɗa shi gaba ɗaya har ya koma abin zargi. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda idan za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsayawa a tsakani. Don haka mai tattali yana da wurin tsayawa mai ƙarfi, domin kishiyarsa almubazzaranci ne. Ita kuwa rowa kishiyarta kyauta ce. Wannan ya bayyana abin da ya sa gardamar ba ta ƙarewa da wuri: mai cewa "tattali nake yi" yana auna kansa da almubazzari, mai ce masa "rowa kake yi" yana auna shi da mai kyauta. Kowannensu da ma'aunin da ya ɗauko.

## Magidanci ɗaya, bakuna uku

A ƙaddara wani ma'aikaci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, albashinsa naira 150,000 a wata. Abinci da cefane suna cin 85,000. Kuɗin mota zuwa aiki 20,000. Yana ware 15,000 don haya, 15,000 don makarantar yara, yana zuba adashen 10,000. Abin da ya rage masa 5,000 ne, a ciki za a sayi magani, sabulu da katin waya. Babbar Sallah ta matso, sai ya yanke shawara ba zai sayi rago ba bana. Zai shiga watanda a samu naman miya, ya ɗinka wa yara kaya, shi kuma ya sa na bara.

Matarsa, wadda ta san lissafin, ta ce wa ƙanwarta: "Baban su Ummi akwai tattali, ya ce kuɗin makaranta na nan tafe bayan Sallah." Abokin aikinsa ya ce a ofis: "Kai dai ka cika maƙo, mutum da albashinsa amma ko ɗan tinkiya?" Wani ɗan'uwansa da ya saba samun cinya duk shekara ya ce a gidan suna: "Wane ai rowa ta hana shi layya."

A cire kalmomin uku, abin da ya rage jimla ɗaya ce: bai sayi rago ba. Duk sauran rakiya ce. Amma a duba abin da kowace kalma ta shigo da shi ba tare da ta faɗa ba. Ta matar ta ce akwai dalili kuma dalilin na gidan ne. Ta abokin ta ce yana da hali, tsoron kashewa ne kawai. Ta ɗan'uwan ta ce yana da hali, kuma akwai waɗanda ya hana abin da ya kamata su samu. Biyu na ƙarshe sun gina hukuncinsu a kan zaton cewa kuɗin suna nan. Lissafin da ke sama ya nuna ba sa nan. A mazhabar Malikiyya ma, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba ya buƙatar kuɗinta don larurorinsa, ba a ɗora ta a kan wanda zai bar haya ko abinci don ya yi ta ba.

Yanzu a canza abu ɗaya. A ce lissafin yana nan yadda yake, amma mutumin yana da wasu gidaje biyu da yake karɓar haya, kuɗin suna kwance a banki, iyalinsa ba su rasa ci da sha ba, shi dai ba ya son ganin kuɗi sun fita ne, kuma rigar da zai sa ta shekara biyar ce. A nan kalmar abokin ta fara samun gindi. Babu haƙƙin da aka danne ƙarara, amma riƙon ya wuce buƙata kuma bai nufi ko'ina ba.

A sake canza wani abu. A ce yana da waɗannan gidajen, ya rage cefane daga abin da ke isa zuwa abin da ba ya isa, yara suna kwana da yunwa, mahaifiyarsa ta aiko neman kuɗin magani ya ce babu, shi kuma yana tsayawa wurin mai tsire kafin ya shigo gida. Yanzu ko matar ba za ta ce tattali ba. Rage kashe kuɗin yana nan kamar da, amma nauyinsa ya koma wuyan waɗanda ciyar da su ke kansa.

Abin da ya sauya sunan a matakai ukun nan abu uku ne: ko akwai halin, ko riƙon yana da inda ya nufa, da kuma wanda ya ɗauki wahalar. Na ƙarshen ya fi sauran nauyi. Mai tattali yana cikin waɗanda suka ji matsin, galibi ma shi ne na farko. Marowaci kuwa wasu yake sa wa su ji.

## Shin bambancin na gaske ne, ko na bakin mai magana?

A kan wannan akwai ra'ayi biyu, kuma kowanne yana da hujja.

Na farko yana cewa kalmomin nan abu ɗaya suke nufi, abin da ya raba su kawai shi ne ko mai magana yana son mutumin ko ba ya son sa. Masanin falsafar nan na Birtaniya, Bertrand Russell, ya ba da misalin da ya shahara a wani shirin rediyon BBC a 1948, inda ya nuna yadda hali ɗaya ke sauya suna gwargwadon mai shi: ni mai tsayawa kan magana ne, kai mai taurin kai ne, shi kuwa wawa ne da ba ya jin kira. A namu fagen sai a ce: ni tattali nake yi, kai kana da ɗan maƙo, shi kuwa marowaci ne. Tun kafin Russell da fiye da shekara dubu, Al-Jahiz na Basra ya lura da haka a littafin da ya rubuta kan marowata a ƙarni na 9. Cikin abubuwan da ya ce zai bincika akwai dalilin da ya sa suke kiran rowa gyara, suke kiran ƙanƙame hannu tsakaitawa. Hujjar wannan ra'ayi mai ƙarfi ce: da wuya ka ji wanda ya kira kansa marowaci da gaske. Idan kalma ta kasance kullum wani ake jifa da ita, to akwai alamar matsayin mai magana take bayyanawa fiye da halin wanda ake magana a kai.

Ra'ayi na biyu yana cewa a'a, halaye ne mabambanta, kuma ana iya tantance su. Hujjarsa ita ce ana iya cewa "ba rowa ba ce, tattali ne" kuma jimlar ta ba da ma'ana, har a kawo shaida a kanta. Ana iya cewa "yana da tattali amma ba shi da rowa", babu wanda zai ji tufka da warwara. Da kalmomin ɗaya ne, da wannan jimla ta zama kamar a ce "ya rasu amma bai mutu ba". Misalin magidancin nan ma ya goyi bayan wannan, tunda canza abin da ya faru ya canza kalmar da ta dace, ko a bakin mai ƙaunarsa.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, sai a ga kowanne ya kama wani yanki. A gefuna biyu na nesa, ra'ayi na biyu ne ke da gaskiya: wanda ya bar iyalinsa da yunwa alhali yana da shi, da wanda ya haƙura da rago don kuɗin makaranta, ba hali ɗaya suke ba. Amma yawancin mutane a tsakiya suke, inda ba a san abin da ke aljihunsu ba kuma ba a yi ittifaƙi a kan iyakar haƙƙi ba. Ɗan ƙanin mahaifi yana da haƙƙi a albashinka? Gudummawar naira 2,000 a bikin abokin aiki ta isa ko ta yi kaɗan? A nan ra'ayi na farko ne ke aiki, domin babu ma'aunin da kowa ya yarda da shi, sai mai magana ya cike giɓin da abin da ke ransa. Haɗarin kalmomi irin waɗannan shi ne suna haɗa labari da hukunci a dunƙule ɗaya, mai sauraro ya haɗiye duka yana zaton labari kawai aka ba shi.

Akwai hanyar warware dunƙulen. A tambayi mai maganar: me ya yi? Idan amsar ta zo da abin da za a iya ƙirgawa, kamar "wata uku ke nan bai ba da kuɗin cefane ba, kuma ya sayi sabon babur", to kalmar tana da abin da ta taka. Idan amsar ta koma kan kalmar, "ai kowa ya san shi, hannunsa ba ya buɗewa", to rakiya ce ke tafiya ba tare da uwar ɗakinta ba. Hadisin Hindu 'yar Utba, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna yadda ake haɗa biyun. Ta ce wa Annabi (SAW) mijinta Abu Sufyan mutum ne mai rowa, amma ba ta tsaya a nan ba, ta ce ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta. Amsar da aka ba ta a kan wannan bayanin ta sauka: ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon abin da aka saba. Malamai, ciki har da Imam Nawawi, suna kawo wannan hadisi a matsayin hujjar halaccin ambaton aibin mutum wajen neman fatawa, abin da ke nuna cewa a wajen irin wannan larura kalmar tana iya zama giba.

## Inda abin ke taɓa mutane

Wurin da ya fi tsanani shi ne binciken aure. Iyaye sukan aika a tambayo halin mai neman 'yarsu, kuma amsar takan zo a kalma ɗaya ko biyu. "Yaron akwai tattali" tana buɗe ƙofa. "Sai dai fa akwai maƙo" tana sa uwa ta fara tunanin yadda 'yarta za ta riƙa roƙon kuɗin sabulu. Wanda aka tambaya mai yiwuwa abin da ya gani bai wuce saurayin ya ƙi shiga ankon wani biki ba. Masu binciken da suka san aiki ba sa karɓar kalmar haka nan, sukan bi ta da tambaya: yaya yake da iyayensa, yaya yake da ƙannensa, yana biyan bashi?

A gaban alƙali ko wajen sulhun dangi ma haka ne. Mace ta ce mijinta marowaci ne, miji ya ce ita ce ba ta da tattali. Ba a yanke hukunci a kan ɗaya daga cikin kalmomin nan. Abin da ake bi shi ne nawa yake samu, nawa yake bayarwa, mutum nawa ne a gidan, kuma me kwanon masara yake a kasuwa yau. Tsadar da aka shiga ta ƙara dagula wannan, domin mutum yana iya ba da adadin da yake bayarwa shekara uku da suka wuce, ko ma ya ƙara, amma tukunya ta ce bai isa ba. Shi yana kallon adadin yana ganin bai rage komai ba, ita tana kallon tukunyar tana ganin an hana ta. Kalmar rowa takan shigo daidai wannan wuri, ta mayar da matsalar farashi ta zama tuhumar hali, kuma tuhumar hali ta fi wuyar janyewa.

Sai harshen labarai da siyasa. Idan gwamnati ta rage kashe kuɗi, mai magana da yawunta zai ce ana tattalin dukiyar jama'a ko an toshe kafofin ɓarna. Ɗan jarida zai ce an tsuke bakin aljihu, wadda ta fi kusa da tsakiya. Ɗan adawa zai ce an ƙuntata wa talaka. Ba sabon abu ba ne, an ji irin wannan musayar a zamanin matakan tsuke bakin aljihu na gwamnatin Shagari a 1982, da kuma shirin gyaran tattalin arziki na Babangida a 1986. A matakin mazaɓa kuma abin yakan juye: ɗan siyasar da ba ya rabon kuɗi a ƙofar gidansa, masoyansa su ce yana kiyaye amana, masu zuwa gaisuwa su ce ba ya sakin hannu. Mai fassara labari daga wani harshe yana fuskantar wannan zaɓin a kowace jimla. Idan asalin labarin ya yi amfani da kalmar da ba ta yabo ba ta zargi, shi kuma ya sa "tattali", ya yi wa gwamnati kamfe. Idan ya sa "ƙanƙamo", ya yi wa adawa. Mafita a irin wannan wuri ita ce jimlar da ba ta da ado: an rage kasafin ma'aikata kaza daga adadi kaza zuwa kaza, kuma ga ayyukan da ragin zai shafa.